Yadda Za Ka Rubuta Tallan Kaya A Haɗe: Abin Da Ke Ciki, Ragin Da Ka Yi, Da Batun Sayarwa Ɗai-Ɗai

Yau za mu yi magana ne a kan wani nau'in talla da kullum muke cin karo da shi a Jiji, da Facebook Marketplace, da sitatus ɗin WhatsApp, wato mutum ya haɗa waya da tarkacenta ya sa musu kuɗi ɗaya. Wasu na kiransa kombo, mu a nan za mu kira shi haɗin kaya.

Abin da ya jawo darasin shi ne wani talla da ƙanena ya rubuta kwanakin baya. Yana ɗan taɓa harkar ɗaukar bidiyo, sai kuɗin makaranta ya taso, ya yanke shawarar sayar da kayan aikinsa gaba ɗaya. Ga abin da ya rubuta: "Waya da kayan bidiyo komai da komai, 150k, araha sosai." Ya ɗora hoto guda ɗaya ya koma yana jira. Saƙonni sun shigo, amma duk tambaya ce. Wannan ya ce wace waya ce, wancan ya ce da caja ko babu, wani ya ce fitilar kawai yake so. Kwana huɗu yana amsa tambayoyi, ko tayi ɗaya bai samu ba. Da ya kawo mini kuka na ce masa laifin ba na kayan ba ne. Duk wanda ya ga haɗin kaya, tambaya uku ce ke zuwa masa a rai: mene ne a ciki, nawa zan rage idan na ɗauka gaba ɗaya, kuma za a sayar mini da guda ɗaya idan shi kaɗai nake so? Tallan ƙanena bai amsa ko ɗaya ba.

Da kayansa za mu yi misali daga farko har ƙarshe. Kuɗaɗen da za ka gani na misali ne domin lissafi ya fito fili, kai kuma sai ka sa na ranar da kake sayarwa.

Mataki na farko: sa wa kowane kaya kuɗinsa shi kaɗai

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya na talla, ɗauko takarda ka jera kayan, ka sa wa kowanne farashin da zai iya fita da shi idan shi kaɗai aka sayar. Wannan jerin shi ne tushen komai. Da shi za ka lissafa ragi, da shi za ka amsa wa mai son guda ɗaya, da shi kuma za ka gane idan ana neman yi maka wayo wurin ciniki.

Farashin da ake nufi a nan shi ne na kaya irin naka, a halin da naka yake, a yau. Ba kuɗin da ka saya bara ba, ba kuma kuɗin sabo a kwali ba. Hanyar gano shi mai sauƙi ce. Buɗe Jiji ka nemi wayar da sunanta da girman ma'adanarta, ka duba tallace-tallace biyar ko shida na waɗanda aka yi amfani da su, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki na tsakiya. Ka tuna cewa abin da kake gani kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka sallama ba, don haka ka ɗan sauko ƙasa kaɗan. Idan kana Kano, leƙa Farm Centre ka tambayi masu sayar da waya ta hannu. Sai dai ka bambance tambaya biyu: nawa suke sayarwa, da nawa za su saya a hannunka. Na biyun kullum ya fi ƙasa, domin su ma riba suke nema. Farashinka ya kamata ya faɗa tsakanin biyun.

Ga abin da muka samu a kayan ƙanena:

1. Waya Samsung Galaxy A15, 128GB: N120,000
2. Kan caja na Samsung mai 25W da kebul ɗinsa: N8,000
3. Fawa banki mai 20,000mAh: N15,000
4. Fitilar ɗaukar bidiyo mai siffar zobe, inci 10, da ƙafarta: N12,000
5. Makirufo marar igiya na maƙalawa a riga: N10,000

Jimilla N165,000.

Akwai kuma rigar waya da gilashin kariya da ke manne a fuskar wayar. Waɗannan ba mu sa musu kuɗi ba, domin babu wanda zai zo ya sayi tsohuwar rigar waya ita kaɗai. Gyara ce, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu bayan an gama ciniki. Ka ambace su a talla, amma kada ka cusa su cikin lissafi don jimilla ta kumbura. Mai saye yana ganin ka sa wa tsohuwar riga N3,000, zai fara shakkar sauran lambobinka ma.

Mataki na biyu: faɗi abin da ke ciki, guda-guda

"Komai da komai" ba bayani ba ne. Abin da kai kake nufi da komai daban, abin da mai saye ya ƙiyasta a ransa daban, kuma rigimar ranar karɓar kaya daga nan take farawa. Kowane kaya ya samu layinsa, kuma layin ya ƙunshi cikakken suna, da adadi, da halin da kayan yake ciki.

Mu fara da wayar. Galaxy A15 iri biyu ce, akwai mai 4G akwai mai 5G, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Shiga Settings, ka gangara zuwa About phone, za ka ga lambar samfurin. Idan ta fara da SM-A155 mai 4G ce, idan ta fara da SM-A156 mai 5G ce. Ka rubuta wannan lambar, ka rubuta girman ma'adana da na RAM, domin wayar tana zuwa da girma daban-daban. Ta ƙanena SM-A155F ce, 128GB da RAM 6GB. Sannan ka faɗi aibinta da bakinka: akwai ɗan ƙwarzane a gefen dama, ba a taɓa buɗe ta ba, ba a canza fuska ba. Aibin da ka faɗa a talla an riga an lissafa shi cikin farashi. Wanda ka ɓoye kuwa, ranar da aka gano shi sai an rage maka kuɗi fiye da ƙimarsa, idan ma cinikin bai watse ba.

Batun caja yana buƙatar a fito da shi fili. Da, duk wanda ya sayi waya ya san akwai caja a kwali. Apple ta daina sa kan caja tun daga iPhone 12 a 2020, Samsung ma ta bi sahu, kuma A15 tana cikin wayoyin da kebul kawai ake samu a kwalinsu. Saboda haka idan ka rubuta "da kwalinta", wani zai ɗauka da caja, wani zai ɗauka babu. Ƙanena daban ya sayi kan cajarsa, shi ya sa take da layinta da kuɗinta. Ka rubuta ƙarfinta, ka faɗi ko ta kamfanin ce ko ta kasuwa. Wayar tana karɓar caji har 25W, don haka caja mai 25W tana da daraja ga mai saye, ba daidai take da ta dubu biyu da ake samu a bakin titi ba.

Fawa banki kuma, bayan girmansa da aka buga a jiki, ka faɗi tsawon lokacin da ka yi kana amfani da shi, da sau nawa yake cika wayar a yanzu. Batirin A15 5,000mAh ne, sai mutum ya raba 20,000 da 5,000 ya ce sau huɗu. Ba haka abin yake ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wurin juya ta daga batirin fawa bankin zuwa na waya, ko da sabo ne. Mun gwada na ƙanena, ya cika wayar sau biyu da rabi, kuma abin da muka rubuta ke nan.

A makirufo, abin da ya fi muhimmanci shi ne irin bakinsa. Nasa mai USB-C ne. Zai shiga A15 da yawancin wayoyin Android na yanzu, zai shiga iPhone 15 da waɗanda suka biyo bayanta, amma ba zai shiga iPhone 14 zuwa ƙasa ba, domin su bakin Lightning gare su. Wanda zai ɗauki haɗin gaba ɗaya wannan bai dame shi ba, amma wanda zai sayi makirufon shi kaɗai dole ya sani.

Bayan jerin abin da ke ciki, ka ƙara layi ɗaya na abin da ba ya ciki. Fitilar ƙanena da kebul na USB take aiki, ba ta da kan caja nata, don haka muka rubuta haka. Babu katin memori, babu abin sauraro na kunne. Layin nan guda ɗaya yana kashe rabin tambayoyin da za a yi maka.

Hoto ma jeri ne. Hoton farko ya nuna kayan duka a shimfiɗe a wuri ɗaya mai haske, a kan farin ƙyalle ko tebur da babu komai a kansa. Duk abin da ya fito a hoton, mai saye zai ɗauka nasa ne. A hoton farko na ƙanena akwai agogon hannunsa a gefe, har mutum biyu suka tambaya ko yana ciki. Bayan hoton haɗin, kowane kaya ya samu hotonsa, har da wurin ƙwarzanen, da hoton About phone wayar tana kunne. Idan lambar IMEI ta fito a hoton, ka rufe ta. Mai saye zai iya danna *#06# da hannunsa ranar haɗuwa ya gwada ta da wadda ke jikin kwali.

Mataki na uku: lissafin ragi

Ragi shi ne bambanci tsakanin jimillar kuɗin kayan ɗai-ɗai da kuɗin haɗin. Namu jimilla N165,000 ce, haɗin kuma N150,000, ke nan ragin N15,000 ne. Ka rubuta lambobin nan uku a talla. Idan ka ce "araha sosai" kawai, ka bar wa mai saye aikin lissafi, kuma yawancin mutane ba za su yi ba, wucewa za su yi zuwa talla na gaba.

Idan kana so ka faɗi ragin da kaso cikin ɗari, ka raba shi da jimillar asali, ba da kuɗin haɗin ba:

```
15,000 ÷ 165,000 × 100 = 9.09
```

Ke nan kusan kashi 9 cikin ɗari ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba da 150,000, a samu kashi 10. Bambancin kaɗan ne, amma wanda ya iya lissafi zai gano, kuma zai ɗauka da gangan ka yi. A ganina ma faɗin ragin da naira ya fi. "Za ka rage N15,000" ya fi shiga kai a kan "kashi 9 cikin ɗari", domin mutum ya san abin da dubu goma sha biyar za ta yi masa.

Akwai wata dabara da za ta yi maka daɗi a baki amma ka guje ta, ita ce gwada kuɗin haɗinka da kuɗin sababbin kaya. A ce kayan nan duka sababbi za su kai N230,000 a shago, sai ka rubuta "za ka rage N80,000". Wannan ba ragin haɗi ba ne. N65,000 daga ciki faɗuwar daraja ce saboda an yi amfani da kayan, kuma ko a wurin wani ya saya zai samu wannan. Abin da kai ka sadaukar N15,000 ne kawai. Idan kana so ka ambaci kuɗin sabo, ka ambace shi da sunansa, a layi daban.

To me ya sa N15,000, ba N5,000 ko N40,000 ba? Saboda ragin haɗi kuɗin wahalar da ka huta ne. Idan ɗai-ɗai za ka sayar da kaya biyar, haɗuwa biyar ke nan da mutum biyar. A ce kowace fita tana cin N1,500 na abin hawa zuwa da dawowa, fita huɗu na ƙari sun ci N6,000. Kowane mai saye kuma zai yi tayi, a ce an zaftare maka dubu ɗaya ko biyu a kowane ƙaramin kaya, wata N6,000 ɗin ke nan ko fiye. Ga kuma jira, domin waya tana fita da wuri, amma fitila da makirufo sai an dace da mai buƙatarsu. Da ka haɗa waɗannan za ka ga N12,000 zuwa N15,000 dama can ba za su shiga aljihunka ba. Gara ka ba mutum ɗaya su, ka karɓi kuɗinka a dunƙule. Ragin da ya wuce haka sosai asara ce. Wanda bai kai haka ba kuma, ba zai sa mutum ya ɗauki abin da bai yi niyya ba.

Kada ka manta da tayi. Ko ka rage, za a taya. Tun kafin ka ɗora talla ka tsayar da kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Ƙanena ya tsayar da N145,000, duk abin da ya gaza haka albarka. Idan kuma ba ka son ciniki sam, kada ka zaɓi Negotiable a Jiji, kuma ka rubuta cewa an riga an yi ragi a cikin farashin.

Mataki na huɗu: za a raba ko ba za a raba ba?

Nan ne aka fi cin mutane. Tambayar "nawa ne fitilar kawai?" dole ta zo, don haka ka yanke hukunci tun kafin a yi ta. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, ba ka rabawa sam. Wannan ta dace idan kayan ba su da amfani sai tare, ko idan kuɗin kake buƙata a dunƙule. Illarta ita ce masu saye za su yi ƙaranci, domin sai wanda yake son kayan duka kuma yake da kuɗin duka.

Ta biyu, kana rabawa, kowane kaya a cikakken kuɗinsa na jeri. Ragi na wanda ya ɗauka duka ne kawai.

Ta uku, ka ba haɗin wa'adi. Ka rubuta cewa mako ɗaya za ka jira mai ɗauka duka, idan ba a samu ba za ka raba, masu son ɗai-ɗai su ajiye saƙo. Wannan muka zaɓa, domin tana ba ka damar tara sunayen masu son kowane kaya kana jira. Idan wa'adin ya cika, ba daga farko za ka fara ba.

Kowacce ka zaɓa, akwai kayan da bai kamata su rabu ba. Caja ta bi waya. Idan ka sayar da cajar N8,000 tun farko, mai sayen waya zai nemi ragin da ya fi haka saboda babu caja. Fitila da ƙafarta ma abu ɗaya ne.

Yanzu ga wayon da za a yi maka. Wani ya rubuto wa ƙanena: "Malam, ba na son fitila da makirufo. Cire kuɗinsu, 22,000, in ba ka 128,000." A ido lissafin daidai yake, 150,000 a cire 22,000. Amma duba da kyau. Kaya ukun da yake so, waya da caja da fawa banki, jimillarsu N143,000 ce. Idan ya biya N128,000 ya tafi da ragin N15,000 cif, wato duk ragin da aka yi domin a kwashe kaya biyar, sannan ya bar maka guda biyun da suka fi wuyar fita. Ka biya kuɗin hutu, ba ka huta ba.

Wani ma ya fi shi wayo, ya ce sabuwar fitila da sabon makirufo sun kai N35,000 a kasuwa, a cire wannan. Da an yarda, da ya biya N115,000 a kaya uku, alhali wayar ita kaɗai N120,000 ce. Da a ce ƙanena ba shi da jerin farashi a gabansa, da ba lallai ya lura ba.

Amsar da ta dace ita ce a koma jerin ɗai-ɗai, a tara kuɗin abin da mutum yake so, daga nan a fara ciniki. Kada ka taɓa farawa daga kuɗin haɗi kana cirewa. Kaya ukun N143,000 ne. Idan ka ga dama ka ɗan rage masa saboda ya ɗauki uku, iyakar abin da zai samu shi ne irin kason da mai ɗauka duka zai samu:

```
143,000 × 150,000 ÷ 165,000 = 130,000
```

N130,000 ita ce ƙarshen ƙasa, kuma a gaskiya bai cancanci kaiwa nan ba tunda ya bar maka masu wuyar. Wani abu kamar N137,000 ya fi dacewa. Ga yadda muka amsa masa: "Yallaɓai, ragin na wanda ya ɗauka duka ne. Ukun da kake so 143 ne a ɗai-ɗai, zan bar maka a 137. Idan ka ƙara 13 kuma ka tafi da fitila da makirufo." Ka ga yanzu shi ne zai zauna yana tunani, tunda kayan N22,000 za su zo masa a N13,000.

Abu na ƙarshe a nan: da zarar guda ɗaya ya fita, tsohon tallan ya mutu. Ka sauke shi, ka sake hoto, ka sake jimilla da ragi. Barin tsohon hoto da rubuta "an sayar da fawa banki" a can ƙasa yana jawo rigima, domin mutane hoto da farashi suke kallo, ba kowa ke karantawa har ƙarshe ba.

Cikakken tallan

Ga yadda tallan ƙanena ya koma bayan gyara:

Samsung Galaxy A15 128GB da kayan ɗaukar bidiyo, kaya 5, N150,000

Abin da ke ciki:
1. Galaxy A15 mai 4G, SM-A155F, 128GB, RAM 6GB. Ɗan ƙwarzane a gefen dama, ba a taɓa buɗe ta ba. Da kwali da rasit. N120,000
2. Cajar Samsung 25W da kebul. N8,000
3. Fawa banki 20,000mAh, wata takwas ina amfani da shi, yana cika wayar sau biyu da rabi. N15,000
4. Fitilar bidiyo inci 10 da ƙafarta da maƙalin waya. N12,000
5. Makirufo marar igiya guda ɗaya, bakin USB-C. N10,000
Gyara: rigar waya da gilashin kariya.
Ba ya ciki: katin memori, abin sauraro, kan caja na fitila.

Ɗai-ɗai: N165,000. Duka: N150,000. Za ka rage N15,000.

Rabawa: zan jira mai ɗauka duka zuwa ranar Juma'a. Bayan nan zan sayar ɗai-ɗai a kuɗin da ke sama. Caja tare da waya take tafiya. Ana gwada komai kafin a biya.

Ka lura da kanun tallan. Ya fara da sunan kaya mafi tsada, domin shi mutane ke rubutawa a wurin nema. Babu mai neman "kombo mai araha", amma masu neman A15 suna da yawa. A akwatin farashi kuma, tunda lamba ɗaya ake sawa, ka sa kuɗin haɗin. Wasu kan sa kuɗin mafi arahar kaya, a ga hoton waya da N10,000 a ƙasa don a danna. Za a danna ɗin, amma masu saye na gaske za su ɗauke ka ɗan damfara. Idan da WhatsApp Business kake sayarwa, ka sa haɗin a matsayin kaya ɗaya a Catalog, sannan idan lokacin rabawa ya yi ka sa kowane kaya da hotonsa da kuɗinsa, yadda mai tambaya za ka tura masa abin da ya tambaya kai tsaye.

Ranar miƙa kaya, tallan nan shi ne takardar shaidarku. Ku buɗe shi ku bi layi-layi, a jona caja a ga tana ja, a kunna fitila, a ɗauki gajeren bidiyo da makirufon a saurara. Kafin ka goge wayar ka cire asusunka na Google da na Samsung, in ba haka ba tana iya tsayawa tana neman tsohon asusun a hannun sabon mai ita. Kuɗi kuma ka gan su a cikin manhajar bankinka, kada ka dogara da saƙon tes ko hoton rasit da aka nuna maka.

Idan kai ne mai saye

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Idan ka ga haɗin kaya, kada ka fara da ragin da aka rubuta. Ka fara da tambayar kanka wanne ne cikin kayan da ma za ka saya. A ce waya da caja kawai kake buƙata, kuɗinsu N128,000. Haɗin ya ɗara haka da N22,000, kuma a kan wannan ƙarin za ka samu fawa banki da fitila da makirufo, kayan N37,000. Idan kana da niyyar fara bidiyo, ka tsinci dami a kala. Idan kuwa a ƙarƙashin gado za su ƙare, ba N15,000 ka rage ba, N22,000 ka ƙara kashewa. Duk tallan da mai shi ya ƙi faɗa maka kuɗin kowane kaya shi kaɗai, ka nemi farashin da kanka kafin ka taya, domin sau da yawa a irin wannan haɗin ne ake cusa kayan da suka ƙi fita.

Shi dai ƙanena, a kwana na uku da sabon tallan wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta ta kira, tana neman kayan da za ta riƙa ɗaukar bidiyon hajarta. Tambaya ɗaya ta yi, ko za a bar mata a 145. Suka daidaita a N147,000, ta aiko ƙaninta ya gwada kayan ya biya. Masu jiran fitila su biyu sai haƙuri aka ba su.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake gwada waya ta hannu kafin a biya kuɗi, daga fuska zuwa batiri. Sai mun haɗu, a huta lafiya.